Takardar Wata-Wata ta Kwamitin Gini: Nasiha ga Matasan da Aka Miƙa wa Littafi

Ƙannena matasa na Taloka, da na Goronyo, Wurno da Rabah, duk lokacin da gari ya tashi gina ajin Islamiyya, ko gyara masallaci, ko ƙara ɗaki a asibitin sha-ka-tafi, dattawa su ke riƙe shugabanci, amma littafin kuɗi a hannun ɗayanku yake ƙarewa. Za a ce wane ya yi boko, ya iya waya, a ba shi sakatare. Da wanda aka ba wannan littafi nake magana, kuma a kan abu guda: takardar da zai riƙa kawo wa kwamiti ƙarshen kowane wata, wadda ke gwada abin da aka tsara kashewa da abin da aka kashe.

Yawancin sakatarori gida uku suke ja a takarda: kasafi, abin da aka kashe, abin da ya rage. Irin wannan takarda ba ta ƙarya, amma tana iya kwantar wa kwamiti hankali har ranar da za a wayi gari bango ya kai linta, asusu ya ƙare, damina kuma ta kawo kai. Dalili shi ne tambayar da take amsawa ita ce nawa muka kashe, alhali tambayar da ke gaban kwamiti ita ce nawa za mu ƙara kashewa kafin yara su shiga aji, kuma muna da shi ko ba mu da shi. Takardar da zan bayyana muku an shirya ta ne domin wannan tambaya ta biyu.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman nawa ne na ƙirƙira domin koyarwa, ku kuma sai ku sa farashin da kuka samo a kasuwa ranar da za ku yi naku. A ce kwamiti a Taloka zai gina azuzuwa biyu a jere, kowane mita 8 a tsawo, 7 a faɗi, a kan kasafin Naira 9,000,000.

Abu na farko shi ne layukan da ke kwance a takardar. Kada ku jera su da sunan kaya, wato siminti layi guda, rodi layi guda, lebura layi guda. Ku jera su yadda gini ke tashi daga ƙasa. A misalinmu, tushe da cikon ƙasa Naira 1,600,000, bulo da gini har linta 2,700,000, rufi 2,300,000, ƙofofi da tagogi 800,000, shafe da daɓe da fenti 1,000,000, sai kuɗin ko-ta-kwana 600,000 a can ƙasa. Amfanin wannan jeri shi ne dattijon da bai taɓa riƙe alƙalami ba zai iya zuwa fili ya gani da idonsa ko tushe ya ƙare ko bai ƙare ba, ya dawo ya gwada da abin da aka karanta masa. Idan kuwa aka ce masa an kashe miliyan ɗaya a siminti, ba shi da hanyar sanin ko na tushe ne ko na bango. Kuma kowane farashi ku rubuta shi da kuɗin mota da na masu lodi da saukewa a ciki, wato farashinsa a bakin fili. Ana yin siminti a Kalambaina, nan kusa da birnin Sakkwato, amma buhun da aka sauke a Taloka ya riga ya ɗauki kuɗin mai, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan ƙari ya daina zama ƙaramin abu.

Sai gidajen da ke tsaye. Goma ne, kuma suna shiga a shafi biyu na babban littafin rajista idan aka buɗe shi. Na farko sunan layin aiki. Na biyu kasafin layin gaba ɗaya. Na uku abin da aka shirya kashewa a wannan wata, na huɗu abin da aka kashe a wannan wata, na biyar jimillar abin da aka kashe tun farko zuwa yau. Waɗannan kowa ya san su. Biyar na ƙarshe su ne ran takardar: bashin da ke kanmu ba mu biya ba, abin da ya rage a kashe kafin layin ya kammala a farashin yau, ƙiyasin ƙarshe, bambanci, da dalili. Ƙiyasin ƙarshe shi ne ka tara jimillar kashewa da bashi da saura. Bambanci kuwa ka cire ƙiyasin ƙarshe daga kasafi. Wanda ke aiki da Excel ko Google Sheets a waya, idan gidajen sun fara daga A suka ƙare a J, ga abin da zai rubuta a layi na 5, na farko a gidan H, na biyu a gidan I:

```
=E5+F5+G5
=B5-H5
```

Idan sakamakon na biyu ya fito da alamar ragi, layin zai wuce kasafinsa. Mai littafi da biro ya rubuta irin wannan adadi da jar tawada.

Yanzu mu je ƙarshen wata na uku mu ga yadda gidajen ke aiki. Layin bulo da gini yana da kasafin 2,700,000. A wannan wata an shirya kashe 900,000, an kashe 700,000, jimilla zuwa yau ta zama 1,900,000. Takarda mai gida uku za ta ce an yi rarar 200,000 a watan, kuma akwai sauran 800,000 a layin. Kwamiti zai yi hamdala a watse. To amma mai bulo ya kawo kaya na 350,000 ya ce a biya shi in an samu, saboda aikin Allah ne kuma ya san shugaban kwamiti. Wannan kuɗi bai fita daga asusu ba, don haka bai bayyana a gidan kashewa ba, alhali an riga an ci shi a bango. Rarar da aka gani a watan ba rara ba ce, jinkirin biya ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma gidan nan na shida shi ne wurin rubuta shi.

Gida na bakwai shi ya fi kowane wahalar cikawa, domin ba a zaune ake cika shi ba. Sakatare zai je fili da magini, su ƙirga. Bango na bulo mai inci tara yana cin bulo goma a kowane murabba'in mita, kuma a ginin namu, bayan an cire ƙofofi da tagogi an ƙara na fashewa, ana buƙatar kimanin 1,500 daga tushe zuwa sama. Sun ƙirga sun ga an ɗora 1,000, akwai 200 a jibge, saboda haka sai an sayo 300. A Naira 750 kowane, 225,000 ke nan. Magini ya ce sauran ɗori da zuba linta za su ci buhu 30 na siminti, a 10,500 kowane, 315,000. Rodi da katakon linta 260,000. Sauran ladan magina da lebura 200,000. Duka Naira 1,000,000 cif. Ka tara 1,900,000 da 350,000 da 1,000,000, ƙiyasin ƙarshe ya zama 3,250,000. Layin da aka ce yana da sauran 800,000 ashe zai wuce kasafinsa da 550,000.

Ku lura ba a samo wannan saura ta hanyar cire abin da aka kashe daga kasafi ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: sakatare ya gaji, sai ya rubuta 800,000 a gidan saura, ya bar gidan bashi babu komai, domin lissafi ya daidaita, bambanci ya riƙa fitowa sifili kowane wata. Idan kuka ga takardar da gidan bambancinta sifili ne daga sama har ƙasa wata uku a jere, ku sani ba a je fili ba. Haka kuma ba layin da ake kai kaɗai ake sabuntawa ba. Rufi ba a fara shi ba, amma kowane wata a kira mai kwano da mai katako a Sakkwato a ji nawa bandir yake yau. A misalinmu rufin 2,300,000 ya koma 2,500,000. Tushe kuwa an gama shi a 1,750,000, ya wuce da 150,000, saboda da aka haƙa an tarar da laka irin ta bakin fadama, dole aka ƙara zurfi. Wanda ya san ƙasar kwarin Rima, ya kuma tuna ambaliyar 2010 da ta rusa gidaje a garuruwan Goronyo da Wurno, ba zai yi wa kwamiti faɗa a kan wannan ƙari ba.

Tara jajayen adadin uku: 150,000 da 550,000 da 200,000, sun zama 900,000. Kuɗin ko-ta-kwana 600,000 ne. Ke nan ginin da aka ce na miliyan 9 ne ya koma na 9,300,000, kuma ba sauran abin tarar gaba ko sisi. Shi ya sa nake ba da shawarar kada a taɓa rubuta kashewa kai tsaye a layin ko-ta-kwana. A bar shi a ƙasa, kowane wata a gwada shi da jimillar bambanci. Idan aka riƙa zarar kuɗi daga cikinsa ana rubutawa a can, ba za a san layin da ya cinye shi ba.

Wata doka da nake so ku riƙe da ƙarfi: gidan kasafi ba a goge shi. Idan farashi ya tashi, za a sami wanda zai ce a gyara kasafi ya dace da zamani. Da zarar an yi haka, takardar ta rasa ma'auninta. A watan Oktoban 2023 kamfanin BUA ya sanar da farashin Naira 3,500 a buhu daga masana'anta, amma zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura 10,000 a kasuwannin garuruwa da dama. Kwamitin da ya yi kasafi a tsakanin waɗannan watanni bai yi laifi ba don kasafinsa ya fashe, kuma abin da zai wanke shi a idon jama'a shi ne tsohon adadin yana nan a rubuce, sabon yana gefensa, kowa na ganin tazarar. Kasafi yana canzawa ne kawai idan aikin kansa ya canza, misali aka yanke shawarar ƙara ofishin malamai. Shi ma sai a zaman kwamiti, a rubuta kwanan wata, a buɗe masa sabon layi a ƙasa.

Gidan dalili ƙarami ne, amma nan ake gane sakatare mai hankali. Kada a rubuta “tsadar kaya” a wuce. Duk bambancin da ya kai kashi 10 cikin ɗari na layinsa, ko ya haura adadin da kwamiti ya yanke, a ce 50,000, a raba shi biyu: nawa ne na farashi, nawa ne na yawan kaya. Ga simintin layin gini. An tsara buhu 60 a 9,000, wato 540,000. An ci 40, saura 30, duka 70, kuma a 10,500 ake saye, wato 735,000. Ƙarin 195,000 ne. Tashin farashi na 1,500 sau buhu 70 ya ba da 105,000, wannan na kasuwa ne, ba mai laifi. Ƙarin buhu 10 a tsohon farashi ya ba da 90,000, wannan kuwa na gida ne, kuma yana da tambaya. Ko tun farko ƙiyasin ne ya gaza, ko an ajiye buhuna a ƙasa raɓa ta taɓa su suka daskare, ko lebura na kwaɓa fiye da abin da za a ɗora kafin a tashi, ko kuma wasu buhunan sun fita ta wata hanya. Kowane daga cikinsu maganinsa daban. Raba adadin yana kare magini mai gaskiya daga zargin da ba nasa ba, yana kuma hana mai ɗauka fakewa da kasuwa. Amma ba zai yiwu ba sai in mai kula da kaya yana riƙe da ƙaramin littafi: buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, a wace rana, wa ya karɓa.

Rabin takardar ke nan. Ɗaya rabin na kuɗin shiga ne, kuma a nan ma akwai abin da ke ruɗar mutane. Ranar ƙaddamar da gidauniya an yi alƙawarin Naira 9,500,000, sanƙira ya faɗa, an yi kabbara. Alƙawari gidansa daban, abin da ya shigo hannu gidansa daban. A misalinmu 5,200,000 ne ya shigo. An kashe 1,750,000 a tushe da 1,900,000 a gini, 3,650,000 ke nan, don haka dole a sami 1,550,000 a ajiye. Ma'aji ya nuna 1,480,000 a takardar banki, ya ƙirga 70,000 a gaban mutum biyu. Idan adadin biyu ba su haɗu ba, ba a rufe watan sai an gano inda bambancin yake, ko da Naira 2,000 ce. Sau da yawa kuɗin da mai POS ya cire ne ko cajin banki, shi ya sa yana da kyau a ba su ɗan layi nasu tun farko.

Daga nan sai layi ɗaya da nake so a rubuta da manyan baƙaƙe a ƙasan shafi. Ana buƙatar 5,650,000 kafin a kammala, wato bashin mai bulo, sauran gini, rufi, ƙofofi da shafe. Akwai 1,550,000 a hannu. Sai an tara 4,100,000. Alƙawuran da ba su shigo ba 4,300,000 ne, kamar dai sun isa. To sai kwamiti ya zauna a sirrance ya duba sunayen ɗaya bayan ɗaya, ba don a tozarta kowa ba, ya ware waɗanda yake da yaƙinin za su shigo. In sun tsaya a 3,000,000, giɓin gaskiya 1,100,000 ne. Sanin wannan a wata na uku yana ba da zaɓi: a sayi kwano yanzu kafin ya ƙara tashi a jinkirta fenti da silin, a aika wa 'yan garin da ke Sakkwato da Kano da Legas da takardar kanta, ko a kammala aji ɗaya a fara karatu. A wata na bakwai waɗannan zaɓuɓɓuka duk sun wuce.

Gidan shirin wata ma kada a cika shi da raba kasafi daidai-wa-daida a kan watanni. Kuɗin mutanenmu yana bin gona. Mai albasa da tafarnuwa da shinkafar rani a ƙarƙashin madatsar Goronyo yana samun kuɗi ne bayan ya kwashe amfani, wajen ƙarshen rani. Mai gero sai kaka. A farkon damina kuwa kowa taki yake nema, lebura ma ya koma gonarsa. Saboda haka a tsara manyan sayayya su faɗa a watannin da kuɗi ke shigowa, a kuma ƙudurta rufi ya hau kafin ruwa ya sauka a watan Yuni.

Akwai gudummawar da ba kuɗi ba, kuma a garuruwanmu tana da yawa: mai amalanke ya kawo yashi, matasa sun yi gayyar cikon ƙasa, wani Alhaji ya aiko da buhu 20 na siminti, wata Hajiya ta ba da buhu biyu na shanshera. Kada a haɗa su da tsabar kuɗi, domin lissafin ma'aji zai rikice. A buɗe musu ɗan akwati a gefen shafi da sunan abin da yawansa. Tasirinsu a babbar takarda ta gidan saura yake fitowa: buhu 20 da aka kawo yana rage abin da za a saya daga 30 zuwa 10, sai a rubuta haka a gidan dalili, don kada wata rana wani kwamiti ya ɗauki lissafinku ya zaci azuzuwa biyu sun fi haka araha. Shinkafar kuwa ba ta zama kuɗin shiga sai ranar da aka sayar da ita, a farashin da aka sayar. Wanda ya ce kuɗinsa na rufi ne kaɗai, a rubuta sharaɗinsa kusa da adadin, a kuma cire shi daga kuɗin da ake ganin za a iya biyan mai bulo da shi.

Kafin alƙalami da aka ba kafinta ko mai walda shi ma ya cancanci alama. Kuɗi ya fita, aiki bai shigo ba. A rubuta shi a gidan kashewa, amma a sa masa tauraro har ranar da ƙofofi suka iso fili. Kada ya haura abin da zai sayo kayan aiki.

Sauran al'amarin tsari ne na mutane. A tsayar da ranar rufe wata, a ce Alhamis ta ƙarshe, duk abin da aka kashe bayanta ya shiga wata mai zuwa. Mai riƙe kuɗi ba shi ke cika takarda ba: ma'aji ya kawo rasit, sakatare ya rubuta, mutum na uku ya duba. Mai yashi da lebura ba su da rasit, sai a yi musu 'yar takardar biya mai lamba, su sa hannu ko su dangwala, kuma kowane adadi a babbar takarda ya zama ana iya bin sa zuwa wata lamba a cikin fayil. Wannan ɗabi'a tana da amfani ko bayan aikinku. A shirin CSDP da Bankin Duniya ya tallafa wa a jihohin Najeriya da dama daga 2009, gari ne ya riƙa zaɓar aikinsa, ya kafa kwamiti, ya kawo kashi 10 cikin ɗari, kuma kashi-kashi aka riƙa sakin kuɗi, ba a ba da na gaba sai an kawo bayanin na baya. Garin da ya saba da takardar wata-wata ba ya shan wahala da irin wannan sharaɗi.

Bayan kwamiti ya sa hannu, a liƙa kwafi a inda jama'a ke taruwa, a ɗauki hotonsa a tura wa 'yan garin da ke nesa. Amma mafi yawan masu gudummawa da kunne za su karɓa, ciki har da iyayenmu mata da ke cikin gida, don haka a shirya adadi huɗu da za a karanta bayan sallar Juma'a a kuma isar musu: abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da ke kanmu, da abin da ya rage a tara kafin a gama. A misalinmu 5,200,000, da 3,650,000, da 350,000, da 4,100,000. Wanda ke son ƙarin bayani a ce ya sami sakatare, littafi da fayil ɗin rasit suna wurinsa.